Me ido zai fara gani? Tambayoyi da amsoshi kan tsara fosta, allon shago da sanarwar waya a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da masu shaguna, malaman Islamiyya da matasa masu koyon zane a waya suke yawan kawowa daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Kusan dukkansu a wuri ɗaya suke haɗuwa: an kashe kuɗi an buga takarda ko an kafa allo, amma mai wucewa bai kama abin da ake so ya kama ba. Kayan gyaran guda uku ne, wato girman rubutu, kaurinsa, da wurin da aka ajiye shi.

Na rubuta komai a fostata, amma mutane na ta bugo waya suna tambayar ranar taro. Ina matsalar take?

Ranar tana nan a jikin fostar, sai dai ta nutse a cikin sauran rubutun. Mutum ba ya karanta fosta layi bayan layi kamar yadda yake karanta wasiƙa. Idonsa na fara sauka ne a kan abin da ya fi fita daban da maƙwabtansa, daga nan ya tsallaka zuwa na biyu, kuma sau da yawa kafin ya kai na uku ya riga ya wuce ko ya goge fuskar wayarsa zuwa hoto na gaba. Idan layuka goma sha biyu duk girmansu ɗaya, kaurinsu ɗaya, ido ba shi da mashiga. Zai ɗan yi yawo a kai, ya kama kalma ɗaya ko biyu bisa sa'a, ya tafi.

Ka lura da kwandastan danfo a tasha. Kalma ɗaya yake ɗaga murya da ita: Oshodi, Oshodi. Kuɗin mota da maganar canji sai ka matso kusa yake faɗa maka, da murya ƙasa da ta farko. Haka ake so takarda ta yi: abu ɗaya da ƙarfi, na biyu da matsakaiciyar murya, sauran kuma ga wanda ya tsaya.

To yaya zan san abin da ya kamata ya zama na farko?

Kafin ka buɗe Canva ko CorelDRAW ko PixelLab, ɗauki biro da takarda. Rubuta duk abin da mai aiki ya ce a saka, kowane a layinsa. Sannan ka tambayi kanka: idan mutum abu ɗaya tak zai gani, wanne ne zai sa ya yi abin da ake so? Sa masa lamba 1. Abu ɗaya kawai yake samun wannan lambar. Sai ka nemi abubuwa biyu ko uku da mutum yake buƙata da zarar na farko ya tsayar da shi, ka sa musu 2. Duk abin da ya rage 3 ne, ko kuma a cire shi.

A nan ne aka fi yin kuskure, domin mai shago sunan shagonsa yake so ya fi komai girma. Amma wanda ke neman tela a Agege ba sunan shago yake dubawa ba, kalmar ɗinki yake nema. Suna yana cancantar matsayi na farko ne idan an riga an san shi har shi kaɗai ya isa ya jawo mutum. Ga sabon shago, sana'ar ce ta ɗaya, lambar waya ta biyu, suna ya biyo baya. Ga mai sayar da raguna gab da Babbar Sallah, abin da ke tsayar da mai saye shi ne rago da farashin da ake farawa da shi. Ga taro kuwa, wane irin taro ne, sannan yaushe da ina.

Nawa ya kamata babban rubutu ya fi ƙarami girma?

Ya fi shi sosai, har wanda bai san zane ba ya ga bambancin ba tare da ya auna ba. Idan kanun 24 pt ne a ma'aunin girman rubutu na manhaja, bayanin ƙasa kuma 20 pt, ido zai ɗauka kuskure ne aka yi, ba zai ga ɗaya a gaban ɗaya ba. Abin da nake bi, kuma nake koya wa yara masu koyo, shi ne a ninka: kowane mataki ya zama kusan ninki biyu na wanda ke ƙasansa. Idan wuri ya yi ƙaranci, kada a sauka ƙasa da ninki ɗaya da rabi.

Daga ƙasa ake fara lissafi. Ka fara da mafi ƙanƙantar rubutun da dattijo zai iya karantawa a hannu, wanda a takardar rabawa yake kamawa daga 10 zuwa 12 pt. Idan ka ɗauki 11, mataki na biyu ya zama 22, na farko 44. Girma uku ke nan, kuma sun isa. Da zarar ka ga girma biyar ko shida a takarda ɗaya, matakan sun fara cin juna.

A ba mu misali cikakke, daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki sanarwar walimar saukar Alƙur'ani ta wata makarantar Islamiyya a Agege. Takardar A5 ce, faɗinta milimita 148, tsawonta 210. Kwamitin makaranta ya kawo abubuwa kamar haka: Bismillah, tambarin makaranta, sunan makaranta, gayyata ta layi uku, sunan taron, uban taro, shugaban taro, babban baƙo mai jawabi, masu masaukin baƙi, sunayen ɗalibai masu sauka, rana, lokaci, wuri, da lambobin waya guda uku. Kowane ɗan kwamiti yana ganin layinsa ne mafi muhimmanci.

Da farko a bar milimita 10 fili a kowane gefe. Saura faɗin milimita 128 na aiki. Lamba 1 ita ce “Walimar Saukar Alƙur'ani”. A 44 pt da kauri ba za ta shiga layi ɗaya ba, don haka a raba ta biyu: “Walimar Saukar” a sama, “Alƙur'ani” a ƙasa. Layin farko zai kusan cika faɗin, kuma haka ake so. A matse tazarar da ke tsakanin layukan biyu don su zama dunƙule ɗaya, sannan a ajiye su a kashi ɗaya cikin uku na saman takardar.

Lamba 2 rana ce da lokaci da wuri. A 22 pt, layi uku gajeru: “Lahadi, 14 ga wata”, “Ƙarfe 10 na safe”, “Harabar makaranta, Agege”. Ranar kaɗai za a kaurara, sauran biyun su zauna a kauri na yau da kullum. Su zo kai tsaye a ƙarƙashin kanun, da fili na kusan milimita 12 a samansu da ƙasansu, babu abin da ya raɓe su. Wannan filin ne ya fi komai tsada a takardar, kuma shi ne kwamiti zai fara neman a cike. Kada a yarda.

Sauran duk a 11 pt, ban da Bismillah. Manyan baƙi a jere su a wuri ɗaya, muƙamin a siriri, sunan a kauri, kowa da layinsa. Sunayen ɗalibai a jeri biyu gefe da gefe, ko a mayar da su bayan takardar idan sun haura ashirin, domin iyaye za su juya su nema ko da ina aka sa su. Gayyatar layi uku ta koma layi ɗaya. Lambobin waya uku su koma ɗaya, a can ƙasa, a raba ta kashi uku, lambobi huɗu, uku, huɗu, yadda ido zai iya ɗauka. Tambari da sunan makaranta su zauna tare a sama, tambarin bai wuce milimita 18 ba.

Idan aka gama, wanda ya karɓi takardar a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a zai ga walimar sauka ce, ya ga Lahadi ce, ya ga wurin, tun kafin ya ninke ta ya sa a aljihu. Babu kuma sunan da aka zubar.

Amma Malam, idan na rage sunan uban taro ko na Sarkin Hausawa, ba za a ce na raina manya ba?

Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba na ganin daidai ne mai zane ya yi watsi da ita da sunan ƙa'idar zane. A wajenmu, yadda aka rubuta sunan babba magana ce. Sai dai girman haruffa hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin girmama suna. Ana girmama shi da jeri, wato ya zo farko a cikin sunaye. Ana girmama shi da cikakken laƙabi ba tare da gutsurewa ba. Ana girmama shi da fili, a ba shi layinsa shi kaɗai, da ɗan siririn layi a ƙasansa da ya raba shi da sauran. Suna a 13 pt da kauri, zaune shi kaɗai cikin fili, ya fi kwarjini a kan suna a 20 pt da aka cusa tsakanin wasu shida masu girma irin nasa.

Akwai kuma lokacin da sunan ne ma ya kamata ya zama lamba 1. Idan wa'azi ne kuma malamin da zai yi shi ne dalilin da zai sa mutum ya taso daga Ikorodu ya sha cunkoso har Agege, to sunansa ne kanun, taken wa'azin ya koma na biyu. Abin dubawa kullum shi ne me zai kawo jama'a. Da haka nake yi wa kwamiti bayani: Alhaji, babban girmamawar da za a yi wa uban taro ita ce ya zo ya tarar da wuri cike, kuma wuri ba zai cika ba sai an ga ranar.

Ina Bismillah ko aya za ta zauna a wannan tsarin?

A sama, a tsakiya, da fili kewaye da ita. Matsayinta ya riga ya ba ta daraja, ba sai ta yi gasa da kanun wajen girma ba, 14 zuwa 16 pt ya wadatar a takardar A5. Ka kuma tambayi masu taron tun farko ko suna so a sa aya a takardar da za a raba a titi, domin malamai da yawa ba sa son haka saboda takardar kan ƙare a ƙasa. A katin gayyata da ake miƙawa hannu da hannu, maganar daban ce.

Me zai hana in kaurara komai don a gani da kyau?

Kauri yana aiki ne saboda akwai siriri a kusa da shi. Idan ka danna Bold a kan kowane layi, ka mayar da takardar baƙa ƙirin, kuma ka rasa hanyar da za ka ce wa ido ga nan. Kauri biyu sun isa: Regular ga yawancin rubutu, Bold ga kanun da kalmomi kaɗan a ciki. A manhajojin da ke nuna kauri da lamba, Regular shi ne 400, Bold kuma 700. Kada ka haɗa maƙwabta kamar 500 da 600, bambancinsu ba ya fitowa a bugu.

Amfanin kauri ya fi bayyana a inda ba ka da wurin ƙara girma. A jerin farashin mai sayar da hatsi a Mile 12, sunan kaya a siriri, kuɗin a kauri, duk a girma ɗaya, sai ido ya bi layin kuɗin daga sama har ƙasa ba tare da ya ɓata ba. Ka kuma guji Light da Thin a ƙananan rubutu, musamman fari a kan launi mai duhu. Tawada takan ɗan bazu a kan takarda ta cinye siraran layuka, WhatsApp kuma yana matse hoto har su dushe.

Manyan baƙaƙe ma wani nau'in nauyi ne. Kalma biyu ko uku a manyan baƙaƙe suna da ƙarfi. Jimla guda a haka tana gajiyar da ido, domin duk haruffan tsayinsu ɗaya ne, kalmomin sun rasa siffar da ake gane su da ita.

Harafin ƙ da ɗ suna fitowa daban a kanuna, sirara kamar ba 'yan gidan ba. Me ke jawo haka?

Salon haruffan da ka zaɓa ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai manhajar ta aro su daga wani salon. A ƙaramin rubutu ana iya kau da kai. A kanun 44 pt kuwa, wannan baƙon harafin shi ne abin da ya fi fita daban a duk takardar, don haka a kansa ido zai fara sauka. Ka gina matakanka da kyau, harafi ɗaya ya rushe su. Wani lokaci ma akwati ne fanko yake fitowa a madadinsa, kuma sai an buga ake lura.

Kafin ka fara aiki da kowane salo, rubuta wannan layin a Regular da kuma Bold ka duba:

```
ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ ₦
```

Idan ɗaya ya canza kama, nemi wani salon. Noto Sans yana da su, haka ma Andika da Charis SIL, waɗanda aka yi su da harsunan Afirka a zuciya. Kada ka warware matsalar da cire lanƙwasar. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, kuma mai karatu yakan tsaya ya yi tunani a daidai wurin da kake so ya wuce da sauri.

Dole ne abu mafi muhimmanci ya kasance a sama?

Ba dole ba ne, amma sama ce ta fi sauƙi. Wanda ya saba da boko yana fara duba shafi daga sama ta hagu. A 2006 Jakob Nielsen ya wallafa sakamakon bin motsin idon masu karanta shafukan intanet, inda ya nuna sukan share layukan sama, su ɗan sauko su share wani guntu, sannan su gangara ta gefen hagu, abin da ya yi kama da harafin F. Wannan ya shafi shafi mai yawan rubutu ne. A fosta mai kalmomi kaɗan, girma da fili sun fi wuri ƙarfi: babban abu a tsakiya, da fili kewaye da shi, zai ja ido kafin ƙaramin abu da ke sama.

Abin da ya fi muhimmanci a ajiye abu shi ne kusanci. Tun a 1923 masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya bayyana cewa ido yana ɗaukar abubuwan da ke kusa da juna a matsayin ƙungiya ɗaya. Shi ya sa rana da lokaci da wuri suke zama tare. Idan ka jefa ranar a kusurwar dama ta sama, wurin kuma a hagu ta ƙasa, ka sa mai karatu farauta. Ƙa'idar aiki ita ce tazarar da ke tsakanin ƙungiya da ƙungiya ta ninka wadda ke tsakanin layukan cikin ƙungiya ɗaya aƙalla sau biyu.

Ka kuma zaɓi jeri ɗaya ka tsaya a kai. Ko komai a tsakiya, ko komai ya jingina da hagu. Jerin tsakiya ya dace da gayyata mai gajerun layuka. Idan layuka sun yi tsawo ko sun haura huɗu, hagu ya fi, domin ido ya san inda zai dawo ya kama layi na gaba.

A Legas muna rubuta Hausa da Turanci, wani lokaci har da Yarbanci ko Larabci. Yaya za a yi kada su yi faɗa?

Ka zaɓi harshe ɗaya ya ja gaba, bisa ga wanda kake nema. Mai suya a Obalende da yawancin masu sayensa ba Hausawa ba ne, kalma ɗaya ta ishe shi, kowa ya san ta. Makarantar Islamiyya da ke neman iyayen yara a Idi-Araba, Hausa ce a gaba, fassarar Turanci ta zo a ƙarƙashinta da rabin girman, a siriri. Idan aka ba harsuna biyu girma ɗaya da kauri ɗaya, an yi kanu biyu, kuma kowanne ya rage wa ɗan'uwansa ƙarfi. Lambobi kuwa, wato rana da farashi da waya, sau ɗaya ake rubuta su, manya, su yi wa kowa aiki.

Larabci da ajami daga dama suke farawa. Idan za su zauna tare da boko, sa su a tsakiya, ko ka ba su ɓangaren dama bokon ya riƙe hagu. Rubutun Larabci yakan yi kamar ya fi na boko ƙanƙanta a lambar girma ɗaya, don haka da ido za ka daidaita su, ka ɗan ƙara masa.

Allon shagona yana bakin babban titi. Yaya girman haruffan zai kasance?

Auna nisan da mai karatu zai tsaya. Masu yin alluna suna da tsohon ma'auni: kowace mita 3 ta nisa tana buƙatar kusan santimita 2.5 na tsayin harafi don a karanta cikin sauƙi. Idan kana so wanda ke tsallaken titi, mita 24 daga shagonka, ya karanta, harafin ya kai santimita 20. Tsayin harafin da kansa ake nufi, wanda za ka aza tef a kai, domin lambar pt ta haɗa da filin da ke sama da ƙasan harafi, babban baƙi kuma kusan kashi bakwai cikin goma na wannan lambar yake ci.

Yanzu ka ga inda lissafin yake kai ka. Allo mai ƙafa 6 a faɗi, ƙafa 3 a tsayi, kusan santimita 180 da 90 ke nan. Haruffa masu tsayin santimita 20 ba za su wuce goma sha ɗaya ko sha biyu a layi ba. “ƊINKIN MAZA” ya shiga, ya cika layin. A ƙasansa lambar waya a santimita 10, sai sunan shago a 5 ko 6 ga wanda ya iso bakin ƙofa. Jerin babbar riga, kaftani, jamfa, aikin wuya da sauransu ba shi da wuri a wannan allon, kuma wanda ke cikin mota ba zai taɓa karanta shi ba. A sa shi a ƙaramar takarda a jikin ƙofa.

Ka je wurin da kanka kafin ka yanke inda kanun zai zauna. A titunan Legas ƙasan allo yakan ɓuya a bayan lemar masu talla, Keke da motocin da suka tsaya, don haka abu na farko da lambar waya su hau sama da kan mutum. Kuma kafin a kafa, a tuna cewa allunan talla a jihar suna ƙarƙashin hukumar LASAA, a nemi bayanin izini tun kafin a kashe kuɗin bugu.

Launi da hoto fa? Ba su ne suka fi jan ido ba?

Suna ja, shi ya sa suke iya rushe abin da girma da kauri suka gina. Fuskar mutum tana ɗauke ido kafin kowane rubutu. Idan za ka sa hoton malami ko na mai shago, sa shi kusa da kanun, kuma ya zama yana fuskantar rubutun, domin mai kallo yakan bi inda fuskar ke duba. Hotuna biyar masu girma ɗaya a jere suna cinye takarda gaba ɗaya. Ɗaya babba, ko duka ƙanana a layi ɗaya a ƙasa.

A launi, abin da ke sa a karanta shi ne bambancin haske da duhu. Ja a kan kore yana da zafi a ido amma duhunsu kusan ɗaya ne, ga shi kuma akwai maza da dama da ba sa rarrabe waɗannan launuka biyu sosai. Rawaya a kan fari ɓacewa take yi a rana. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet ta sa mafi ƙarancin bambanci 4.5 zuwa 1 ga ƙaramin rubutu, 3 zuwa 1 ga babba. A kan fari, toka mai lambar `#767676` ita ce kusan iyaka, duk wadda ta fi ta haske ta yi rauni. Ka ware launi ɗaya mai ƙarfi ga lamba 1, ko ga ranar, kada ka sake amfani da shi a wani wuri.

Zan iya tura fostar da na buga a matsayin sitatus na WhatsApp?

Za ka iya, amma rubutun mataki na uku zai zama ƙura. Gara a sake tsara ta a faɗin 1080 px da tsayin 1920 px, wato ɗigogin da ake auna hoto da su. Kanun ya kama 120 px ko fiye, mataki na biyu 60, kada komai ya sauka ƙasa da 36. Ka bar kusan 250 px a sama da ƙasa babu rubutu mai muhimmanci, saboda sunan mai sitatus da wurin ba da amsa suna rufe wuraren. Hoton daƙiƙu kaɗan yake yi ya wuce, don haka lamba 1 da lamba 2 kawai za su shiga. Sunayen baƙi da ɗalibai su tafi hoto na biyu.

Ta yaya zan gane tsarin ya yi kafin in kai Shomolu a buga?

Fara da kanne ido. Ja da baya daga allon kwamfutar ka runtse idanu har rubutun ya daina karantuwa, ya zama dunƙule-dunƙule. Dunƙulen da ya fi duhu da girma shi ne abin da mutane za su fara gani. Idan tambari ne, ko adon gefe, ko wani jan tauraro da aka rubuta “sabo” a ciki, to shi ya ƙwace matsayi na farko. Idan dunƙule biyu suna kunnen doki, rage ɗaya. Sau da yawa gyaran ba ya buƙatar a ƙara wa kanun girma, abokin gasarsa ake ragewa.

Sai ka mayar da zanen baƙi da fari ka sake dubawa. Idan matakan sun tsaya ba tare da launi ba, za su tsaya ko da injin ya sauya launin, abin da yakan faru, domin launin fuskar waya haske ne, na takarda kuma tawada ce, shuɗi da kore masu ƙyalli sukan fito a dushe.

Gwaji na uku shi ne na mutum. Nemi wanda bai san da aikin ba, maƙwabcin shago ko yaron da ya kawo shayi. Nuna masa na daƙiƙa uku, ka kife wayar, ka tambaye shi: na mene ne, yaushe ne, a ina? Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi. Idan ya amsa biyu daga cikin ukun, ka kusa. Idan abin da ya tuna shi ne hoton ko launin, koma kan takardar da ka sa wa lambobi ka ga wanne ya haura matsayinsa.

Idan ka isa wurin bugu, ka roƙi a fitar maka da kwafi ɗaya a ainihin girmansa kafin a saki injin. Ga allo kuwa, a buga harafi biyu ko uku na kanun a cikakken girmansu, kowane a takardar A4 tasa, ka manna a bangon shagon, ka tsallaka titi ka duba. Ka kuma tura aikin a PDF, ko ka mayar da rubutun zane ta hanyar Convert to Curves idan CorelDRAW kake amfani da shi, don kada kwamfutar mai bugu ta musanya maka salon haruffa, ƙ da ɗ ɗinka su ɓace, kanun da ka auna ya cika layi kuma ya karye gida biyu.